Yadda ake tsara tambayar tarihi mai ruwayoyi biyu masu saɓani

Duk malamin tarihin da ya taɓa ba ɗalibai ruwayoyi biyu ya ce su kwatanta ya san irin amsar da ke dawo masa. Yaro zai cika rabin shafi da abin da ruwaya ta farko ta ce, ya sauko ya cika sauran rabin da abin da ta biyu ta ce, ya ja layi, ya ɗora biro. Rubutu ga shi nan tsaf, babu ƙarya a ciki, amma ruwayoyin biyu ba su taɓa haɗuwa a jimla ɗaya ba. Shekarun da na yi ina koyarwa a wata sakandare a nan Jos, na daɗe ina ɗora wa yara laifin wannan, sai da na zauna na sake duba tambayoyina na ga ni ne na buɗe musu ƙofar. Tambayar da za a iya amsa ta ba tare da an aza ruwaya ɗaya kan ɗaya ba, ba ta gwada kwatance, ko da kalmar "kwatanta" tana cikinta sau uku.

Zan bi aikin daga farko da misali ɗaya, wato kisan Kyaftin Maloni a Keffi a watan Oktoba na 1902. Na zaɓe shi ne don yaranmu sun san garin, duk wanda ya bi ta Akwanga zuwa Abuja ya ratsa shi, kuma ga tudun da ake kira da sunan mutumin har yau.

Fara da abin da babu gardama a kansa

Kafin ka nemi saɓani, rubuta wa kanka ƙashin bayan labarin. A lokacin Keffi tana ƙarƙashin Zazzau, kuma Magaji Ɗan Yamusa shi ne wakilin Zazzau a garin, ƙarfinsa ya fi na Sarkin Keffi. Maloni shi ne Razdan na Turawa. An yi sa-in-sa, Magaji ya kashe Razdan, ya tafi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga ya sa wannan karɓar cikin dalilansa na yaƙar Kano, wadda ta faɗa hannun Turawa a Fabrairun 1903. Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru, ya rasu a Burmi a Yulin wannan shekarar.

Wannan shi ne zai zama gabatarwar da ke saman takarda, layi uku ko huɗu, ba ƙari. Amfaninta shi ne kada yaron da ya iya nazari ya faɗi don ya manta wane ne Magaji. Sai dai ka lura da kalmominka a nan. In ka rubuta "kisan gilla" ko "jarumtar Magaji" a gabatarwa, ka riga ka yanke hukunci, kuma yara suna da hancin shinshino ra'ayin malami. "Ya kashe" ta wadatar.

Zaɓen ruwayoyin

Nan ne rabin aikin yake. Ruwayoyin da suka dace su ne waɗanda suke magana kan abu ɗaya, a wuri ɗaya, a rana ɗaya, sun haɗu a wasu wurare sun rabu a wasu. In sun saɓa a komai, yaro zai ce "sun bambanta gaba ɗaya" ya huta. In ɗaya tana maganar ranar kisan, ɗayar tana maganar yaƙin Kano, to ba saɓani ke nan ba, kowacce hanyarta daban, babu inda za su yi karo.

Ga taƙaitaccen matsayin ɓangarorin biyu. Da bakina na taƙaita su don misali, kai kuwa idan za ka sa a jarrabawa sai ka nemo ainihin rubutun, daga rahotannin shekara na gwamnatin mulkin mallaka, ko takardun gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, ko kundayen ɗaliban jami'a da suka yi hira da dattawa.

Ruwaya A, matsayin gwamnatin Turawa: Keffi matattarar farautar bayi ce, Magaji ne ke riƙe da garin, kuma ya ƙi ba sabuwar hukuma haɗin kai. Razdan ya je ƙofar fada ya aika a kira shi don a daidaita, ya ƙi fitowa. Razdan ba ya ɗauke da makami, ga shi da rauni a ƙafa. Da aka aika a kira sojoji, Magaji ya fito ya kashe shi, ya gudu Kano inda aka yi masa tarba ta girma.

Ruwaya B, abin da ake bayarwa a baka: tsakanin Razdan da Magaji akwai tafinta, Audu Timtim, wanda ba ya ga maciji da Magaji. Shi ke kai saƙo yana juya shi, har Magaji ya tabbata kama shi za a yi a wulaƙanta shi. Da ya ji sojoji na tafe, ya fito ya kashe Razdan, tafintan ma bai tsira ba. Daga nan ya fita da mutanensa zuwa Kano, ya ƙare a sahun Sarkin Musulmi.

Yanzu ɗauki takarda ka ja layi biyu, ka amsa tambayar da kanka tun kafin ka rubuta ta. A gefe ka jera ma'aunai, wato abubuwan da kowace ruwaya ta ce wani abu a kansu. Wa ya yi kisan? Sun yarda. Ina ya nufa bayan nan? Sun yarda. An kira sojoji kafin kisan? Sun yarda, kuma wannan yarda ce mai daɗi domin ɓoyayyiya ce, sai mai karatu da natsuwa yake ganinta. Me ya sa Magaji ya ƙi fitowa? A ta ce taurin kai da kare cinikin bayi, B ta ce tsoron tarko. Wa ke da alhakin lalacewar al'amarin? A ta ɗora wa Magaji, B ta ɗora wa tafinta. Yaya aka kira tafiyarsa? A ta ce gudu, B ta ce fita.

Ka'idata ita ce in ban samu aƙalla yarda biyu da saɓani biyu a wannan jadawali ba, na ajiye ruwayoyin na nemi wasu. Kuma ina so ɗaya daga cikin saɓanin ya zama na zahiri wanda matsakaicin ɗalibi zai gani, ɗaya kuma ya zama na lafazi, irin "gudu" da "fita", wanda zai raba gwani da na tsakiya.

Yankan rubutu, inda amana take

Ainihin takardun dogaye ne, dole a rage su. Ga ɗan babbar sakandare, kalma 100 zuwa 150 kowace ruwaya ta isa, kuma tsawonsu ya yi kusa da juna. In ɗaya ta ninka ɗaya, yara za su ɗauka doguwar ce mai gaskiya, ko su rasa abin da za su ciro daga gajeruwar.

Hatsarin yana wajen almakashi. Da yanka kaɗai kana iya ƙirƙiro saɓanin da babu shi. A ce ka samo cikakken rahoton Bature, ka tarar a wani sakin layi shi ma ya ambaci rawar da tafinta ya taka. Zuciya za ta raya maka ka cire wurin don rigimar ta fito fes, Bature a gefe, mutanen gari a gefe. Kada ka yi. Zargin tafinta bai tsaya a bakin mutanen gari kaɗai ba, akwai marubutan Turawa da suka kawo shi. In ruwayarka ta ambace shi, bar shi, sai tambayar ta ƙara armashi: duka biyun sun san da tafinta, amma nauyin da kowacce ta ba shi ya bambanta. Duk inda ka cire wani abu a tsakiyar jimla ka sa ɗigo uku. In ka sauƙaƙa kalmomi, rubuta a ƙasa cewa an sauƙaƙa. Turancin rahotannin wancan zamani yana da nauyi, don haka kalmar da ka san za ta tsayar da yaro ka fassara ta a gefe, amma kalmar da ke ɗauke da ra'ayin marubuci kada ka taɓa ta, ita ce naman da kake so su tauna.

Ruwayar baka kuma tana da nata tarkon. In kai ka fassara ta daga Hausa zuwa Turanci, ka zama Audu Timtim na ajinka. Ba wa abokin aiki ya duba fassarar kafin ta shiga takarda.

A ƙarƙashin kowace ruwaya sa layin asali: wa ya faɗa, yaushe, ga wa, a wane irin rubutu. Misali, "Daga rahoton shekara na Gwamna Lugga zuwa Landan kan shekarar 1902", ko "Daga hira da wani dattijo a Keffi a shekara kaza, wanda ya ce daga kakansa ya ji". Wanda ya yi karatun hadisi ko kaɗan ya san wannan, isnadi daban, matani daban, kuma yaranmu da suka bi ta Islamiyya suna saurin kama shi in ka kawo musu ta nan. Layin asali ya ba da bayani kurum. Da zarar ka rubuta "wanda ke neman hujjar yaƙar Kano", ka amsa musu tambaya ta biyu kyauta.

Lafazin tambayar

Ga irin wadda na daɗe ina yi: "Karanta A da B, ka bayyana abin da kowacce ta ce game da kisan Maloni." Kalmar "kowacce" ita ce ta kashe ta, domin izini ce a yi su ɗaya bayan ɗaya. Wata kuma: "Wace ruwaya ce gaskiya?" Wannan tana tura yaro ya zaɓi ɓangare, kuma a ajinmu an san wanda za a zaɓa tun kafin a karanta. Akwai ta uku mai kama da kyau: "Kawo bambance-bambance uku." Tana samar da jeri, kuma tana sanar da yaro cewa babu yarda ko ɗaya da zai nema.

Wadda na tsaya a kanta ita ce:

"Har zuwa wane matsayi ruwaya A da ruwaya B suka yarda da juna kan abin da ya jawo kisan Kyaftin Maloni? Kafa hujja da kalmomin ruwayoyin biyu. Maki 10."

Dubi abin da ke cikinta. "Har zuwa wane matsayi" tana tilasta a nemi yarda da saɓani duka, sannan a auna wanne ya rinjaya. "Kan abin da ya jawo" ta ɗaure kwatancen a turke ɗaya, ba a bar yaro yana yawo cikin duk labarin ba. Umarnin kafa hujja kuma ya rufe ƙofar zuba haddar littafi.

Sai tambaya ta biyu, a ware ta daban:

"Me ya sa ruwayoyin biyu suka bambanta kan wanda ke da alhaki? Yi amfani da layin asali da abin da ka sani game da shekarun 1902 da 1903. Maki 8."

Dalilin raba su shi ne aikin ba ɗaya ba ne. Ta farko tana tambayar yadda suka bambanta, amsarta tana cikin matani. Ta biyu tana tambayar dalili, amsarta tana cikin isnadi da sanin zamani. In ka cuɗa su a tambaya ɗaya, yaro zai tsallake mai wuyar ya faɗa kan "ai Bature ne, dole ya yi son kai", kai kuma ka rasa yadda za ka raba makin. Minti 25 ya ishi tambayoyin biyu, har da biyar na karatu.

Rabon maki

Kada ka ce maki ɗaya ga kowane batu. Wannan tsarin yana saka wa mai yawan rubutu, kuma mai kwafe ruwayoyin biyu zai iya cinye takwas. Yi matakai, kowace amsa ka duba mataki mafi girma da ta taka.

Amsar da ta taƙaita A sannan ta taƙaita B ba tare da haɗa su ba, maki 1 zuwa 2, komai kyanta. Amsar da ta ce "A ta ambaci bayi, B ba ta ambata ba", ko ta kwatanta marubutan kawai, maki 3 zuwa 4. Wannan matakin yana jawo gardama a ɗakin malamai, domin a ido kamar kwatance ne. Amma shirun ruwaya ba musu ba ne. Don B ba ta yi maganar bayi ba, ba ta ce babu su ba. Maki 5 zuwa 7 na wanda ya ɗauki ma'auni ɗaya ya nuna abin da kowane ɓangare ya ce a kansa da hujja, ko ta fuskar yarda ko ta saɓani. Maki 8 zuwa 10 na wanda ya kawo duka fuskokin biyu, sannan ya faɗi inda babban saƙon kowace ruwaya ya dosa.

Ga yadda amsar mataki na uku take kamawa: "Sun saɓa kan dalilin ƙin fitowar Magaji. A ta nuna ƙin haɗin kai ne, tunda ta ce shi ke riƙe da gari mai farautar bayi, amma B ta nuna tsoro ne, tunda tafinta ya sa ya tabbata kama shi za a yi." Jimla biyu ne kacal, amma sun fi shafi guda na taƙaitawa. Ta mataki na huɗu za ta ƙara da cewa duka biyun sun yarda an kira sojoji kafin kisan, sai dai A ta ɗauki kiran a matsayin sakamakon taurin kai, B kuma ta ɗauke shi a matsayin abin da ya tabbatar wa Magaji tsoronsa, don haka sun yarda kan abin da ya faru, sun rabu kan ma'anarsa. Yaron da ya rubuta wannan ka ba shi goma ba tare da jan rai ba.

A tambaya ta biyu, abin da za ka fi cin karo da shi iri biyu ne. Na farko "gani ya kori ji": A ta fi inganci don an rubuta ta a lokacin, B kuwa ji ne daga kaka. Na biyu kishiyarsa: A ƙarya ce don Bature ne. Dukansu haddar ka'ida ce, ana iya rubuta su ba a karanta ko layi ɗaya ba, don haka ba sa wuce maki 2 ko 3. Cikakken maki na wanda ya haɗa marubuci da bukatarsa a wannan lokacin: rahoton yana zuwa ne ga manya a Landan, daga mutumin da ya kai yaƙi Kano kuma yake bukatar su gamsu da dalilinsa, saboda haka hoton Razdan marar makami da tarbar da aka yi a Kano suna yi masa aiki. Haka kuma ya juya ya yi wa B irin wannan binciken: ɗora laifi kan tafinta yana wanke mutumin gari, kuma labarin da ya bi ta bakuna da yawa yakan goge abin da ba shi da daɗin faɗa. Na kan rubuta a takardar makina da manyan baƙaƙe cewa wanda ya tuhumi ruwaya ɗaya kaɗai ba ya kai matakin ƙarshe.

Gwaji kafin ranar

Gwaji biyu nake yi, ba sa cin minti goma. Na farko, in rufe B da tafin hannu in gwada amsa tambayar da A kaɗai. In na iya samun fiye da maki biyu, tambayar ta yi yoyo. Na biyu, in miƙa wa malamin da ba na tarihi ba. Akwai wata Malama mai koyar da lissafi da nake kai wa, na ce, "Malama, don Allah duba min wannan, me kika fahimta ake nema?" Ran da na kai mata tsohuwar tambayata, ta karanta ta ɗago ta ce, "Malam, ai cewa ka yi in faɗi abin da kowanne ya ce. To na faɗa, sai me?" Daga ranar na daina amfani da kalmar "kowacce".

Bayan an yi jarrabawa, rabon makin da kansa zai gaya maka lafiyar tambayar. In kusan kowa ya taru a mataki na farko, ko lafazin ne ya ba da izinin taƙaitawa, ko ba ka taɓa koya musu jimlar kwatance ba, irin mai "amma", "alhali", "duka biyun". In kowa ya haye mataki na huɗu, saɓanin ya yi arha ko gabatarwarka ta tona asiri. In kuwa ka ga yara da yawa suna kwatanta abin da ba ka sa a jadawalinka ba kuma daidai ne, ƙara shi cikin takardar maki ka koma kan takardun da ka riga ka duba.

Wani abokin aiki ya taɓa ba ni shawarar mu yi irin wannan tambaya kan rikicin Jos na Satumban 2001, tunda ruwayoyi masu karo da juna ba sa ƙarewa a kansa. Na ce masa a'a, kuma har yanzu ina kan bakana. A aji ɗaya akwai yaro daga Unguwar Rogo, akwai yaro daga Tudun Wada, kowanne da abin da aka faɗa masa a gida, wani ma da wanda aka rasa. Ba za ka auna iya kwatancen yaro da abin da ke ci masa zuciya ba, amsarsa za ta zama shaida ce yake bayarwa. Keffi ta 1902 tana da nisan da ake bukata, kuma in ka gama da ita, Burmi tana nan: ɓangare ɗaya ya kira tafiyar Attahiru gudu, ɗayan ya kira ta hijira. Sai dai a can saɓanin kusan duk na ma'ana ne, don haka na kan ajiye ta sai zango na biyu, bayan hannunsu ya faɗa da mai sauƙin.